Gobara ko ambaliya ta cinye takardun kasuwanci, ga odita na tafe: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin 'yan kasuwa da masu ƙananan kamfanoni a Kaduna waɗanda wuta ta kama shagonsu da hunturu, ko ruwan kogin Kaduna ya shiga ofishinsu a watan Agusta ko Satumba, alhali kuwa ranar binciken kuɗi ta ƙarato. Daga tambaya ta 7 zuwa ta 11 an bi lissafin shago ɗaya na misali, saboda haka ya fi kyau a karanta su a jere.

1. Shin gobara ko ambaliya tana ɗauke wa mutum nauyin nuna takardunsa?

Ba ta ɗaukewa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya adana takardun lissafinsa na shekara shida, kuma hukumomin haraji suna da ikon waiwayen shekara shida a bincikensu, har ma fiye da haka idan suka ga alamar zamba. Gobara tana bayyana dalilin da ya sa takardun asali suka ɓace, amma ba ta tabbatar da ko sisin kwabo daga cikin alƙaluman da za ku faɗa, don haka nauyin kawo hujja yana nan a wuyanku.

Sauƙin da ke cikin lamarin shi ne, kusan kowace takardar kasuwanci tana da 'yar'uwa a hannun wani. Kuɗin da ya shiga asusunku banki ya rubuta shi, kayan da kuka saro dila ya rubuta su a nasa littafin, harajin da kuka biya kuma yana cikin kundin hukuma. Aikin da ke gabanku shi ne tattaro waɗannan daga waje, sannan a cike giɓin da ya rage da ƙiyasin da aka bayyana yadda aka yi shi. Odita ya fi amincewa da takardar da ta fito daga hannun wani a kan wadda kuka rubuta da kanku, ko da kuwa wuta ba ta taɓa tashi ba.

2. Wane ne zai yi binciken, kuma shin hakan yana canza abin da zan shirya?

Yana canzawa. Oditan waje, wato akantan da ya cancanta a ƙarƙashin ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ta ANAN, yana duba lissafin shekara ne domin ya faɗi ra'ayinsa a kansa. Hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kaduna, KADIRS, ita ce ke bin harajin ɗan kasuwar da ke ciniki da sunansa ko da sunan kasuwanci mai rajista, da kuma harajin albashin ma'aikata. Harajin ribar kamfani da harajin VAT kuwa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS kafin dokokin haraji na 2025 su mayar da ita NRS. Ku karanta wasiƙar da aka aiko muku da kyau, domin ita ce ta ambaci shekarun da za a duba da takardun da ake so, kuma babu dalilin ɓata mako uku a kan shekarar da ba a tambaya ba.

3. Waɗanne takardu ne ke tabbatar da cewa abin ya faru?

Ga gobara, babbar hujja ita ce rahoton hukumar kashe gobara, wanda ke nuna rana da wuri da irin ɓarnar. Ga ambaliya kuwa, ku tabbata sunan shagon da adireshinsa sun shiga rajistar hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha idan jami'anta sun zo ƙidayar waɗanda abin ya shafa. A haɗa da rahoton 'yan sanda, da takardar rantsuwa ta kotu, da wasiƙar shugabannin kasuwa ko mai ginin. Hotuna da bidiyo a ɗauke su kafin a fara shara, a bar su a wayar da ta ɗauka domin ranar ta kasance a jikinsu.

Inda mutane da yawa ke rage wa kansu ƙarfi shi ne takardar rantsuwa. Idan aka rubuta "duk takardun shago sun ƙone" aka tsaya, odita bai samu komai a ciki ba. A lissafa su da suna da lokaci: littafin ciniki na Janairu zuwa Nuwamba, littafin bashi guda biyu, fayil ɗin takardun sarin kaya, kwamfutar da ke kan tebur. Abin da ya tsira shi ma a ambace shi, domin idan kuka rantse cewa komai ya ƙone, sannan daga baya kuka fito da littafin da ya yi muku daɗi, za a tambaye ku inda sauran suke.

4. Wasu takardun sun jiƙe, wasu sun babbake ta gefe. Yaya za a yi da su?

Kada a yi ƙoƙarin ɓanɓare shafukan da suka manne suna jiƙe, domin tawada za ta bi ɗaya shafin, takardar kuma ta yage. Kada a shanya su a rana ko kusa da wuta. A shimfiɗa su a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kunna fanka, a riƙa sa farar takarda tsakanin shafukan littafi ana canzawa idan ta sha ruwa. Da damina hunhuna tana iya fara kama takarda cikin kwana biyu, saboda haka idan sun yi yawa, a sa su a leda a ajiye a firiza har a samu lokacin busar da su kaɗan-kaɗan. Rasit ɗin na'urar POS shi ne farkon abin da za a ɗauka a hoto, domin zafi yana baƙanta shi, rubutunsa kuma yana dushewa da kansa. Takardar da ta babbake a zura kwali a ƙarƙashinta a ɗaga, a yi mata hoto kafin kowa ya taɓa.

Kwamfutar da ruwa ya shiga kada a kunna ta don a gwada, domin sau da yawa kunnawar ce ke ƙarasa abin da ruwa ya bari. A kai wa mai gyara ya ciro ma'ajiyar bayananta ya kwafe a wata na'ura. A kuma duba wayoyin mai shago da na yaransa: hotunan takardun kaya da aka tura ta WhatsApp, saƙonnin alat na banki, da imel, galibi sun fi abin da ya tsira a shagon yawa.

5. Shin in sanar da mai binciken tun yanzu, ko in bari sai ya zo?

Ku sanar da shi a rubuce tun yanzu, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Wasiƙar ta faɗi abin da ya faru da ranarsa, ta lissafa takardun da suka salwanta kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 3, ta faɗi inda kuke nemo madadinsu, sannan ta roƙi ƙarin lokaci zuwa wata rana takamaimai. Roƙon da ya ce "muna jiran sitatimen daga banki biyu da bayanin asusu daga diloli huɗu, muna neman mako shida" ya fi samun shiga a kan wanda ya ce a yi haƙuri kawai. Ƙarin lokacin bincike bai dakatar da sauran wa'adoji ba: harajin albashi yana nan zuwa 10 ga wata mai bi, VAT kuma zuwa 21 ga wata, sai dai idan hukumar ta rubuto muku sassauci.

6. Daga ina ake fara haɗa lissafin?

Ana farawa ne daga abu biyu: lissafin ƙarshen shekarar da ta wuce, da sitatimen na banki. Na farko yana hannun akantan da ya shirya shi ko hukumar da aka miƙa wa, kuma shi ke nuna kayan da ke sito da bashin da ake binku da wanda kuke bi a ranar da shekarar ta buɗe. Na biyu kuma bankuna suna da shi, domin doka ta wajabta musu adana bayanan mu'amala na aƙalla shekara biyar. Ku nemi mai hatimin banki, tare da kwafin da za a iya buɗewa a Excel domin tacewa.

A nemi na kowane asusu da kuɗin shago ya taɓa bi ta cikinsa, har da na POS irin su Moniepoint ko OPay, da asusun mai shago na kansa, da na yaron da kwastomomi ke tura wa kuɗi idan sabis ya ɗauke. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, ko a ɓoye, kuma yana fitowa da kansa a lokacin da kwastoma ya nuna shaidar biya zuwa asusun da ba ya cikin jerin da kuka bayar.

7. Yaya ake fitar da cinikin shekara daga sitatimen?

Ba duk kuɗin da ya shiga asusu ne ciniki ba, kuma wannan ne aikin da ya fi cin lokaci. Mu ɗauki shagon fenti da fayif da wayar wuta, wanda shekararsa ta fara 1 ga Janairu, wuta kuma ta kama shi a tsakiyar Nuwamba. Da aka tara duk abin da ya shiga asusunsa uku, an samu naira miliyan 131. Sai aka bi layi-layi ana sa wa kowane shigar kuɗi alama. An samu miliyan 10 rance ne daga banki, miliyan 6 kuɗi ne da aka kwaso daga asusun POS zuwa babban asusu, wato an ƙirga su sau biyu, miliyan 4 kuma mai shagon ne ya sayar da filinsa ya zuba a jari. Da aka cire waɗannan miliyan 20, abin da kwastomomi suka biya ta banki ya tsaya a miliyan 111.

Kowane abin da aka cire sai an jingina masa takarda, domin jami'in haraji yana ɗaukar duk kuɗin da ya shigo a matsayin ciniki har sai an nuna masa akasin haka. Rancen yana da wasiƙar banki, filin yana da takardar cinikinsa, kwasar kuɗi tsakanin asusu kuma ana nuna fitarsa a ɗaya sitatimen a rana ɗaya. Haka ake yi da kwasar adashi, da kuɗin da aka tura ya dawo, da gudummawar da 'yan'uwa da abokan kasuwa suka turo bayan gobara, wadda ya kamata a rubuta sunan kowane mai bayarwa tun ana cikin jaje.

Akwai gyara biyu da ke bin wannan. Kamfani ko ma'aikatar gwamnati da ta saya a wurinku tana iya cire harajin da ake riƙewa kafin ta biya, saboda haka kuɗin da ya shigo bai kai na takardar kaya ba, sai an mayar da abin da aka cire. Sannan idan kuna karɓar VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, yana cikin kuɗin da ya shigo: naira 1,075,000 ciniki ne na 1,000,000 da haraji na 75,000, kuma ana raba su ne ta hanyar raba jimlar da 1.075. Alƙaluman misalin nan an riga an cire musu VAT.

8. To cinikin hannu da bai shiga banki ba fa, da littafin bashi da ya ƙone?

Nan ne hujja ta fi rauni. Tsabar kuɗin da aka karɓa aka kashe nan take bai bar sawu a banki ba, don haka ana ƙiyasta shi ne daga ɓangaren kashewa. A zauna da mai riƙe da aljihun tebur a lissafa abin da ke fita kowane mako: 'yan dako, kuɗin mota, man janareta, abincin yaran shago, da cefanen gidan mai shago. A misalinmu ya kama naira 200,000 a mako, cikin mako 45 kuwa miliyan 9 ke nan. Da aka haɗa da miliyan 111 na tambaya ta 7, abin da aka karɓa daga kwastomomi ya zama miliyan 120. Ɗan kasuwar da ya ce shagonsa bai taɓa kashe tsabar kuɗi ba, a kasuwar da kowa ya san yadda ake sallamar ɗan dako, ya jawo wa sauran alƙalumansa zargi.

Littafin bashi kuma ana sake gina shi da mutane. A rubuta sunayen duk waɗanda aka tuna, a duba saƙonnin waya, a aika wa kowa takarda ya rubuta abin da ya san ana binsa a ranar gobarar ya sa hannu. Ya fi kyau a bar gurbin kuɗin babu komai ya cike da kansa, domin amsar da ta fito daga littafinsa ta fi ƙarfi. A misalin, bashin da ke waje a farkon shekara miliyan 7 ne, a ranar gobara kuma miliyan 12. Miliyan 7 ɗin cinikin bara ne da aka biya bana, sai a cire, miliyan 12 kuma cinikin bana ne da ba a biya ba tukuna, sai a ƙara. Cinikin shagon ya zama miliyan 125.

Za a samu wanda zai musa bashi da zarar ya ji littafi ya ƙone. Idan kun tabbata kayan sun fita, a sa shi a ciniki duk da haka, sannan a ware shi a matsayin bashin da ake shakkar dawowarsa. Idan aka share shi gaba ɗaya, lissafin tambaya ta 10 zai nuna kayan suna cikin sito sun ƙone, alhali suna gidan wani.

9. Yaya ake gano kayan da aka saro?

A rubuta wa kowane dila, na Kano ko Legas ko Anacha, a nemi bayanin asusunku a wurinsa daga farkon shekara, tare da kwafin takardun kaya da webil. A shagon misalin, bayanan diloli sun nuna an saro kaya na miliyan 96. Kafin a yarda da wannan adadi sai a gwada shi da banki: an tura wa diloli miliyan 90, suna bin shagon miliyan 5 a farkon shekara, suna binsa miliyan 11 a ranar gobara. Idan aka cire 5 daga 90 aka ƙara 11, an dawo 96, hanyoyi biyu sun haɗu ke nan. Da ba su haɗu ba, dalilin yakan kasance kayan da aka mayar, ko ragin da dila bai rubuta ba, ko biyan da aka yi da tsabar kuɗi. Irin wannan biya na hannu yana shiga wuri biyu, a ƙara shi a kuɗin da aka biya diloli, a kuma ƙara shi a cinikin hannu na tambaya ta 8, tunda daga can kuɗin ya fito.

A kula da kayan da ke kan hanya. Lodin da aka biya a farkon Nuwamba amma motar ba ta iso Kaduna ba sai bayan gobara, bai ƙone ba, kuma ranar da ke kan webil za ta nuna haka.

10. Kayan da ke cikin sito sun zama toka. Ta yaya za a san yawansu?

Ana gano su ne da ragowa: abin da aka fara shekara da shi, a haɗa da abin da aka saro, a cire abin da aka sayar a kan farashin sari. Shagon ya buɗe shekara da kaya na miliyan 18, ya saro na miliyan 96, jimla miliyan 114. Ya yi ciniki na miliyan 125, kuma lissafin shekarun baya ya nuna cewa a kowace naira ɗari ta ciniki, naira 20 riba ce, naira 80 kuɗin kaya. Kayan da aka sayar ke nan sun ci miliyan 100 a farashin sari. Ragowar miliyan 14 su ne ya kamata a ce suna sito a daren gobarar. An tsamo kaya masu sayuwa na miliyan 3, asarar ta tsaya a miliyan 11. Idan mai shago ya ɗebi fenti ya kai ginin gidansa, wannan ma a cire shi kafin a kai ga ragowar.

Adadin da ya fito sai a gwada shi da hankali da ido. Shin siton yana iya ɗaukar kayan miliyan 14? Gwangwanayen fenti da suka ƙone ba sa ɓacewa, ana iya ƙirga su, haka jan ƙarfen da ke cikin waya. Hoton shago da aka ɗauka domin talla makonni kaɗan kafin gobara shi ma yana taimakawa.

Wanda bai taɓa rufe lissafin shekara ba, ba shi da adadin buɗewa, amma sau da yawa yana da ƙidayar da ya yi domin fitar da zakka. Idan takardar ta tsira, ko waɗanda suka taya ƙirga suna da kwafi, ana iya fara lissafin daga wannan rana. Sai dai a zakka ana yi wa kaya kuɗi ne da farashin kasuwa na ranar, don haka dole a mayar da shi farashin sari kafin a sa shi a wannan lissafi.

11. Daga ina ake samun adadin riba, kuma me zai faru idan aka yi kuskure a kansa?

Ana samunsa daga lissafin shekara biyu ko uku da suka wuce, a gwada shi da farashin sari da na sayarwa na kayan da suka fi tafiya bana. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa riba a kan sari da riba a kan ciniki. Ɗan kasuwa zai ce yana ɗora kashi 25, yana nufin abin da ya saro naira 80 yana sayarwa 100. Wannan kashi 25 ne na sari, amma kashi 20 ne na ciniki. Idan akanta ya cire kashi 25 daga miliyan 125, zai samu kuɗin kaya miliyan 93.75, sito kuma ya kumbura zuwa miliyan 20.25 maimakon 14, wato an ƙirƙiri kaya na sama da miliyan 6 da ba su taɓa zama a shagon ba.

Ko ba a yi wannan kuskure ba, adadin yana da laushi. A wannan shago, kowane kashi ɗaya na riba yana motsa kayan sito da miliyan 1.25, saboda haka idan ribar gaskiya kashi 18 ce, sito miliyan 11.5 ne. A shekarar da farashi ke tashi kowane wata, ko shagon ya koma sayar da sari fiye da ɗai-ɗai, ribar bara ba lallai ta dace da bana ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba kayan gida-gida, fenti da ribarsa, waya da tata, a kuma nuna wa odita adadin da aka zaɓa tare da abin da zai fito idan ya ɗan hau ko ya sauka.

12. Ina iya sake rubuta rasit da littafin ciniki da tsofaffin ranaku, tunda na san abin da ke ciki?

A'a, kuma a ganina wannan ne kaɗai kuskuren da ke iya mayar da wanda masifa ta samu ya zama wanda ake tuhuma. Sabon littafi da aka cike da biro ɗaya da hannu ɗaya, ba maiƙo ba lanƙwasa, aka ce na wata goma ne, ba ya ɓoyuwa ga wanda aikinsa ke nan, balle rasit ɗin da lambobinsa suka nuna an buga shi bayan ranar da ke kansa. Da zarar an kama guda ɗaya, sauran hujjojinku na gaskiya sun shiga zargi, maganar kuma ta tashi daga ɓatan takardu ta koma ta jabu.

Abin da ya halatta shi ne jadawalin da aka rubuta a samansa cewa lissafi ne da aka sake haɗawa bayan gobarar rana kaza, da ranar da aka shirya shi da sunan wanda ya shirya. Kowane layi ya nuna tushensa: sitatimen shafi kaza, bayanin dila, ko ƙiyasi. Kwafin da dila ya ba ku ya buga masa hatimi ya nuna kwafi ne. Kada kuma ku roƙe shi ya canza adadi, domin odita yana iya rubuta masa kai tsaye ba tare da ya bi ta hannunku ba.

13. Albashi, haraji da kadarorin shago fa?

Waɗannan sun fi sauƙi. Albashin da aka biya ta banki yana cikin sitatimen, jadawalin harajin albashi yana wurin KADIRS, na fansho kuma yana wurin kamfanonin fansho. Bayanan harajin tarayya da aka shigar ta shafin intanet na TaxPro Max, wanda aka fara amfani da shi a 2021, suna cikin kundin hukumar, biyan da aka yi ta Remita kuma ana gano shi da lambar biyansa, wato RRR. Takardun rajistar kamfani suna wurin CAC. Janareta, mota da kwamfuta ana ɗauko su daga jadawalin kadarori na lissafin bara, a ƙara waɗanda aka saya bana. Ku gwada cinikin da kuka riga kuka bayyana a takardun VAT na wata-wata da wanda ya fito a tambaya ta 8, domin jami'in haraji da wannan gwaji zai fara, kuma idan akwai tazara ya fi kyau bayaninta ya fito daga gare ku.

14. Shin alƙaluman da na ba kamfanin inshora dole su zama su ne na haraji?

Dole su zama ɗaya. Mai tantance asara na inshora yana amfani da irin lissafin tambaya ta 10, kuma yana sane da wani abu game da shi: duk wanda ya rage cinikinsa a takarda, ya rage harajinsa, sannan kayan da suka rage a sito sun ƙaru, diyyar da yake nema ta hau. Saboda haka ne shi da jami'in haraji suke tsananta bincike a kan ciniki fiye da komai. A sanar da kamfanin inshora cikin wa'adin da ke takardar yarjejeniya, kada kuma a zubar da ragowar kayan kafin ya gani. Diyyar da aka biya a kan kayan sayarwa tana shiga lissafin shekara, ta rage asarar da za a nuna.

15. Idan na yi duk wannan amma mai binciken bai gamsu ba, me zai biyo baya?

Oditan waje ba ya hukunta kowa, ra'ayi yake rubutawa. Idan hujjar ta ishe shi, zai ba da rahoto marar togiya. Idan wani sashe ne kaɗai ya kasa tabbatarwa, misali cinikin hannu, zai ce lissafin daidai yake in ban da wannan sashe. Idan kuwa giɓin ya mamaye lissafin, zai rubuta cewa ba zai iya ba da ra'ayi ba, wanda banki mai ba da rance ba ya son gani. Abin da ke taimaka muku shi ne ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara a gaban odita, domin idan an san kayan buɗewa da sari da kayan rufewa, gardamar adadin riba ta tambaya ta 11 tana canza rabon da ke tsakanin kuɗin kayan da aka sayar da asarar gobara ne kawai, jimlarsu ba ta motsawa.

Hukumar haraji kuwa, idan ba ta gamsu ba, tana da ikon yanka muku haraji bisa nata ƙiyasin, wanda sau da yawa yakan ɗauki miliyan 131 ɗin nan gaba ɗaya a matsayin ciniki. Kuna da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ku ku rubuta ƙin amincewa, ku faɗi dalilai da adadin da kuka yarda da shi, ku haɗa da jadawalin da hujjojinsa. Idan wa'adin ya wuce ba ku rubuta ba, harajin ya tabbata a kanku. Idan kun rubuta hukumar ta ƙi gyarawa, ana ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙararrakin haraji, wadda reshenta na shiyyar arewa maso yamma yake zama a nan Kaduna, kuma fayil ɗin da kuka haɗa tun daga tambaya ta 3 shi za a gabatar a can.